Ra'in Matsi da Ra'in Al'adar Rukuni: Yadda Ake Tsara Muƙalar Kwatanta Su

Masana ilimin zamantakewa sun daɗe suna neman dalilin da ke sa wasu mutane su kauce wa ƙa'idojin al'ummarsu, kuma me ya sa laifukan da hukuma ke rubutawa suka fi yawa a unguwannin talakawa. Amsoshi biyu da suka fito daga Amurka tsakanin 1938 da 1960 su ne ra'in matsi da ra'in al'adar rukuni. Ana yawan haɗa su a tambaya ɗaya a jarrabawa, domin na biyun daga jikin na farkon ya tsiro. Wanda ya gane inda suka haɗu da inda suka raba hanya ya riga ya samu ƙashin bayan muƙalarsa.

Ra'in matsi

Robert K. Merton ne ya shimfiɗa ra'in matsi a wata muƙala da ya wallafa a 1938, lokacin da Amurka ba ta gama farfaɗowa daga karayar tattalin arzikin da ta soma a 1929 ba. Ya aro tunanin Emile Durkheim na Faransa game da halin da al'umma ke shiga idan ƙa'idoji suka yi sako-sako, ya ba shi sabuwar fassara. A ganinsa, al'ummar Amurka tana koya wa kowa buri ɗaya, wato ya yi arziki, tana kuma cewa hanyar halal ita ce karatu da aiki tuƙuru. Sai dai wannan hanya ba a buɗe take ga kowa daidai ba. Ɗan talaka yana jin kiran burin kamar yadda ɗan mai kuɗi ke ji, amma makarantarsa ba ta da inganci, kuma aikin kirki ya yi masa nisa. Wannan tazara tsakanin buri da hanya ita ce matsin.

Merton ya ce mutum yakan fuskanci matsin ta ɗaya daga hanyoyi biyar. Akwai mai biyayya, wanda ya riƙe burin ya kuma riƙe hanyar halal, kuma su ne mafi yawa. Akwai mai ƙirƙiro hanya, wanda yake son arzikin amma ya bi ta sata ko zamba. Akwai wanda ya fid da rai daga burin ya manne wa ƙa'ida kawai, kamar ƙaramin ma'aikacin da ba ya saɓa doka ko kaɗan kuma ba ya sa ran ci gaba. Akwai mai janyewa, wanda ya saki buri da hanya baki ɗaya, kamar wanda shaye-shaye ya cinye. Na biyar shi ne ɗan tawaye, mai son a rushe burin da hanyar a kafa wasu sababbi.

Ra'in al'adar rukuni

Albert Cohen ya yi karatu a hannun Merton, kuma a littafinsa na 1955 kan kangararrun samari ya nuna giɓi biyu a bayanin malaminsa. Na farko, samari sukan yi laifi ne a cikin gungu, alhali Merton ya yi magana kamar kowa shi kaɗai yake yanke shawara. Na biyu, da yawa daga cikin laifukan ba su kawo ko kwabo: fasa tagogi, lalata kayan makaranta, faɗa, ko satar abin da za a yar a bayan layi.

Cohen ya ce abin da yaran ke nema shi ne martaba. Makaranta tana auna kowa da ma'aunin masu matsakaicin hali: ladabi, haƙuri, iya magana, da jinkirta jin daɗi don gobe. Yaron gidan leburori yakan faɗi a wannan ma'auni, ya ji takaicin rashin daraja. Idan ya haɗu da irinsa sai su kifar da ma'aunin, abin da malami ke yabo ya koma abin kunya, abin da yake hani ya zama abin taƙama. A cikin gungun, wanda makaranta ta ɗauka daƙiƙi yana iya zama gwarzo.

A 1960 Richard Cloward da Lloyd Ohlin suka ƙara wani tubali. Suka ce hanyar haram ma ba a buɗe take ga kowa ba, domin sata sana'a ce mai bukatar ubangida da mai sayen kayan. Saboda haka unguwa ce ke tsara irin rukunin da zai fito. Inda akwai tsofaffin ɓarayi masu tsari, samari kan koyi sana'ar a hannunsu. Inda jama'a ke yawan sauya mazauni kuma babu irin wannan tsari, sai gungun faɗa da kare yanki su bayyana. Waɗanda suka gaza a halal suka kuma gaza a haram sukan koma ga ƙwaya.

Tsarin muƙalar

A ɗauka tambayar ita ce: kwatanta bayanin ra'in matsi da na al'adar rukuni kan kauce wa ƙa'ida. Idan an ba da kalmomi 1,500, gabatarwa za ta iya cin 150, kammalawa 150, sauran 1,200 a raba su ga sakin layi biyar.

Gabatarwa tana da aiki biyu. Ta fayyace ma'anar kauce wa ƙa'ida, tare da nuna cewa ya fi laifi faɗi, tunda ba duk abin da jama'a ke ƙi ne doka ta hana ba. Sannan ta faɗi matsayin marubuci a jumla ɗaya. Misali: ra'ayoyin biyu sun yarda cewa toshewar dama ce tushe, amma ra'in al'adar rukuni ya fi bayyana laifukan samari na gungu, yayin da ra'in matsi ya fi bayyana laifukan neman kuɗi.

Sakin layi na farko ya ɗauki abin da suka yi tarayya a kai. Dukansu suna ɗora alhaki a kan tsarin al'umma maimakon jinin mutum ko taɓin ƙwaƙwalwarsa, kuma dukansu suna ɗauka cewa akwai buri ɗaya da kowa ya fara da shi. Na biyu ya kwatanta abin da aka toshe: arziki a wurin Merton, martaba a wurin Cohen. Na uku ya kwatanta mai mayar da martani: mutum ɗaya ko gungu. Na huɗu ya duba dalilin da ya sa laifi ke ɗaukar siffa iri-iri, inda Cloward da Ohlin suka cike abin da Merton ya bari, domin shi ya lissafa hanyoyi biyar ba tare da ya fayyace abin da ke kai wane ga wannan, wane ga waccan ba. Na biyar ya kawo sukar da ta shafe su duka.

Misali ɗaya, fassara uku

Hanya mafi sauƙi ta ɗaure waɗannan sakin layi ita ce a ɗauki misali ɗaya a bi da shi ta kowane ra'i. A ƙaddara wani yaro ɗan shekara 16 a unguwar leburori ta wani birnin Amurka a shekarun 1950. Ya faɗi jarrabawa ya bar makaranta. Wata rana shi da abokansa uku suka saci mota, suka yi ta yawo har dare, suka fasa gilashinta suka gudu.

Ra'in Merton zai iya bayyana satar da a ce sayar da motar suka yi, domin a nan yaron ya zama mai ƙirƙiro hanyar samun kuɗi. Fasa gilashin da watsar da motar sun fi ƙarfin wannan bayani. Cohen ne ke da amsa: ribar da yaron ya samu ita ce kallon da abokansa uku suka yi masa, kuma lalata dukiya martani ne ga duniyar da ta raina shi. Cloward da Ohlin kuwa za su tambayi unguwar. Da akwai mai sayen motocin sata da ke ɗaukar yara aiki, da wuya a fasa gilashin, domin motar ta zama haja. Da an sauya abu ɗaya a labarin sai ra'in da ya fi dacewa ya sauya, kuma nuna wannan shi ne kwatanci na gaskiya.

Suka da iyakoki

Babbar suka ita ce dogaro da alƙaluman 'yan sanda, waɗanda suka fi kama talaka. Edwin Sutherland ya nuna tun 1939 cewa manyan 'yan kasuwa da ma'aikata na aikata laifuka a bakin aikinsu, alhali hanyar halal a buɗe take gare su. Mai kare Merton zai ce burin kuɗi ba shi da iyaka, don haka mai shi ma yana jin matsi. Ra'in Cohen ba shi da irin wannan mafita. Haka kuma kusan duk bayanan kan maza suke, ko da yake mata ma na fuskantar toshewar dama kuma laifinsu bai kai na maza yawa ba.

Walter Miller, a 1958, ya musanta cewa yaran sun taɓa rungumar burin masu matsakaicin hali. Ya ce suna bin abubuwan da unguwarsu ta daɗe tana girmamawa ne, kamar jarumta, wayo da son 'yancin kai. David Matza, a 1964, ya soki ra'in rukuni ta wata fuskar: yawancin samari suna shiga laifi suna fita, suna jin kunya idan an kama su, suna kawo uzuri, kuma sukan daina idan sun girma. Mai kawo uzuri bai jefar da ƙa'idar jama'a ba. A 1992 Robert Agnew ya faɗaɗa ma'anar matsi ta haɗa da rashin abin ƙauna da fuskantar wulaƙanci, wanda ya nuna ra'in bai tsaya inda Merton ya bar shi ba.

Kurakuran da ake yawan yi

Kuskure mafi yawa shi ne a ba da labarin Merton a shafi ɗaya, na Cohen a shafi na gaba, a bar mai karatu ya yi kwatancin da kansa. Ana gane wannan cikin sauƙi: idan sakin layi ya ambaci ra'i ɗaya kawai daga farko har ƙarshe, bayani ne aka yi. Wani kuskuren shi ne ɓata kalmomi 300 wajen jera hanyoyi biyar na Merton, alhali biyu ko uku ne suka shafi tambayar. Akwai kuma masu nuna ra'ayoyin kamar abokan gaba, su manta cewa Cohen da Cloward da Ohlin a kan harsashin Merton suka yi gini.

Ɗalibin da ya so kawo misalin gida, kamar 'yan daba a Kano, yana iya yi, muddin ya tuna cewa an gina ra'ayoyin ne a kan biranen Amurka. Neman martaba a cikin gungu da kare yanki sun dace da bayanin Cohen da na Cloward da Ohlin. Alaƙar daba da al'adar farauta da kuma amfanin da 'yan siyasa ke yi da matasa kuwa abubuwa ne da ra'ayoyin ba su tanada ba, kuma dole a faɗi hakan.

Kammalawa tana komawa ga matsayin da aka faɗa a gabatarwa ba tare da sabuwar hujja ba. Ta nuna cewa Merton ya bayyana tushen matsin, masu ra'in rukuni sun bayyana siffar da yake ɗauka a tsakanin samari, kuma dukansu sun bar tambaya ɗaya a buɗe: dalilin da ya sa mafi yawan waɗanda aka toshe wa hanya ba su taɓa kaucewa ba.