Yaushe Baba Zai Dawo? Amsar da Mandela Ya Rubuto Daga Kurkuku

A farkon shekarar 1969, wata wasiƙa ta isa Tsibirin Robben da ke gaɓar Cape Town a Afirka ta Kudu, zuwa ga fursuna mai lamba 466/64. Daga 'yarsa Zindzi ta fito, yarinya 'yar shekara 8. Ta ce zuciyarta na ciwo saboda babu shi a gida, sannan ta yi masa tambayar da kowane ɗan fursuna ke yi: yaushe zai dawo?

Fursunan shi ne Nelson Mandela, kuma ba shi da amsa mai daɗi. An kama shi ranar 5 ga Agusta 1962, lokacin Zindzi ba ta cika shekara 2 ba. Ranar 12 ga Yuni 1964 alƙali Quartus de Wet ya yanke masa ɗaurin rai da rai tare da abokan gwagwarmayarsa. Yarinyar ta tashi ne ba ta san fuskar mahaifinta ba sai a hoto, domin dokar kurkukun ta hana yaron da bai kai shekara 16 ba zuwa ziyara. Takarda ce kaɗai hanyar da ta rage tsakaninsu.

Ita ma takardar ba a sake take ba. A shekarun farko, fursunan siyasa na rukunin ƙasa yana da izinin aika wasiƙa ɗaya da karɓar ɗaya a cikin wata 6, kuma kada ta wuce kalma 500. Daga baya an ɗan sassauta adadin, amma ba a daina tacewa ba. Da farko masu tacewa da baƙar tawada suke shafe abin da ba su so, sai fursunoni suka gano ana iya wanke tawadar a karanta abin da ke ƙasa. Daga nan aka koma yankewa da reza. Tun da ana rubutu a gaba da bayan takarda, yanka ɗaya kan tafi har da maganar da ba ta da laifin komai. Saboda haka uban da ya zauna rubuta wa 'yarsa ya san gandiroba ne zai fara karantawa.

Ranar 4 ga Fabrairu 1969 ya ba da amsa, ya haɗa Zindzi da yayarta Zenani a wasiƙa ɗaya. Abin da ya fara gaya musu shi ne bai san ranar dawowarsa ba. Bai kewaye ba. Ya tuna musu cewa tun a wasiƙar 1966 ya shaida musu alƙali ya ce ya zauna a kurkuku iya tsawon rayuwarsa. Ya ce ana iya daɗewa, ana iya kuma yin sauri, ba wanda ya sani, har shi alƙalin da ya yanke hukuncin. Sai bayan ya ajiye wannan gaskiyar ne ya faɗi abin da zuciyarsa ta yarda da shi, cewa wata rana zai komo gida su zauna tare.

A nan gwanintar take. Ya raba abu biyu da iyaye kan cakuɗa idan tausayi ya kama su: abin da aka sani da abin da ake fata. Bai ce musu bana ba, bai ce baɗi ba, bai ce kafin Kirsimeti ba. Yaro mai shekara 8 ya iya ƙirga, kuma idan aka ba shi rana zai riƙe ta. Ranar ta zo ta wuce ba uba, to wasiƙa ta gaba ba za ta ƙara samun yardar da ta farko ta samu ba. Da Mandela ya yi alkawarin rana, da ya saɓa shi har sau 21, domin sai 11 ga Fabrairu 1990 ya fito.

A gidaje da yawa, har da namu, abin da ake gaya wa yaro shi ne Baba ya yi tafiya. Niyyar mai kyau ce, amma ba ta cika ɗorewa ba. Yaron zai ji gaskiyar a bakin yara a makaranta ko a layi, kuma da gori zai ji ta. Daga ranar sai ya ɗauki nauyi biyu, rashin uba da sanin cewa mutanen gida sun ɓoye masa.

Sauran wasiƙar ta koma kan abin da ke damun ƙaramin yaro a ɓoye, wato ko mahaifinsa na shan wahala, ko kuma ya manta da shi. Mandela ya ce kada su damu, yana nan lafiya da ƙarfinsa, kewarsu ce kawai ke damunsa, kuma hotonsu na gabansa, shi yake kallo idan kaɗaici ya taso. Bai ambaci fasa dutse a ramin farar ƙasa ba, inda hasken rana ya lalata masa idanu, bai kuma kawo zancen hana shi halartar jana'izar mahaifiyarsa da aka yi 'yan watanni kafin nan ba. Wannan ba ƙarya ba ce. Ya faɗi gaskiyar da ta shafi rayuwar yaran, ya riƙe wadda ba abin da za ta ƙara musu sai firgici.

Bayan wata 3 al'amari ya ƙara dagulewa. Ranar 12 ga Mayu 1969 'yan sanda suka tafi da mahaifiyarsu Winnie a ƙarƙashin dokar ta'addanci, ta yi kwana 491 a tsare. Wasiƙar da ya rubuta musu ranar 23 ga Yuni ta fi ta farko nauyi nesa ba kusa ba. Ya ce musu yanzu uwa da uba duk suna kurkuku, za su iya yin watanni ko shekaru ba su gan ta ba, za su zauna kamar marayu. Ya lissafa abubuwan da za su rasa ɗaya bayan ɗaya: bikin ranar haihuwa, sababbin kaya, abincin dare da ita, labarun da take ba su kafin barci. Mai karatu zai iya cewa wannan ya yi wa 'yar shekara 8 yawa, kuma yana da hujja, don baƙin cikin uban kansa ya fito fili a cikinta. Amma ya yi wani abu mai amfani: ya bayyana musu dalilin kamun, ya ce uwarsu jaruma ce mai son mutanenta, don kada su ɗauki zamanta a kurkuku abin kunya.

Ta wannan fuskar Mandela ya samu sauƙin da yawancin fursunoni ba su da shi. Uban da aka ɗaure kan sata ko faɗa ba zai iya cewa don jama'a yake ciki ba. Jimlar da ke gabansa ta fi wuya: ya yi abin da doka ta hana, kotu ta ce ya zauna na wani lokaci, kuma ba laifin yaron ba ne. Wannan na ƙarshen dole a rubuta shi ɓaro-ɓaro, domin ƙananan yara kan ɗora wa kansu laifin tafiyar iyaye.

Wasiƙar 23 ga Yuni ba ta isa hannun yaran ba, haka ma wadda ya aika a Agusta bayan rasuwar yayansu Thembi a hatsarin mota. Sai a 1970 ya rubuta musu cewa yanzu ya gano ba su samu ko ɗaya ba. Mandela kan kwafe wasiƙunsa a littafin rubutu mai kauri kafin ya miƙa su. Hukuma ta kwashe littattafan daga ɗakinsa a 1971, wani tsohon ɗan sandan tsaro ya mayar masa da guda 2 a 2004. A 2018 aka buga tarin wasiƙunsa 255 na kurkuku, har da waɗannan da ya rubuta wa Zenani da Zindzi.