Rage Faɗin Hotuna Masu Yawa a Tashi Ɗaya

Hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai faɗin fiksel 4032 da tsayi 3024, nauyinsa kuma megabait 3 ko 4. Amma gurbin da shafin intanet ke ware wa hoto da wuya ya wuce faɗin 1200. Ragowar duk asarar data ce ga mai buɗe shafin, ga kuma jinkirin buɗewa.

A ce mai sayar da atamfa na da hotuna 200 da zai ɗora. Abin da zai ƙayyade shi ne faɗi kawai, tsayi kuwa lissafi ne zai fitar da shi. Hoto mai 4032 da 3024, duk 4 na faɗi tana tafiya da 3 na tsayi, don haka idan faɗin ya dawo 1200, dole tsayin ya zama 900. Wanda aka ɗauka a tsaye kuwa, 3024 da 4032, zai koma 1200 da 1600. In aka tilasta musu awo ɗaya, zanen da'ira a jikin atamfa sai ya koma kamar ƙwai.

Manhajar ImageMagick, wadda kyauta ce, tana gama aikin da umarni ɗaya. A cikin folda mai hotunan, sai a fara buɗe wata sabuwa mai suna kanana, sannan a rubuta:

```
magick mogrify -path kanana -auto-orient -resize "1200x>" -quality 82 *.jpg
```

Barin gurbin bayan `x` fanko shi ne ke sa manhajar ta lissafa tsayin da kanta. Alamar `>` kuwa cewa take a rage wanda ya wuce 1200 kaɗai. In babu ita, hoto mai faɗin 800 ma buɗa shi za a yi, ya fito dishi-dishi. Kada kuma a cire alamun zance biyun nan da ke kewaye da awon, domin kwamfuta za ta ɗauka ana so ne ta zuba sakamako a wani fayil.

Babban hatsarin yana wajen `-path`. Idan aka manta da shi, `mogrify` kan hotunan asali yake rubutawa, kuma abin da aka rage ba ya dawowa. Shi kuwa `-auto-orient` miƙar da hoto yake yi kafin a auna, domin waya takan adana hoton tsaye a kwance, ta maƙala masa bayanin yadda za a juya shi. In aka tsallake shi, tsayin ne zai zama 1200, faɗin ya tsaya a 900.

Bayan an gama, a ƙirga fayilolin da ke cikin kanana. In ba su cika 200 ba, a duba sunayen na asali: a Linux, `*.jpg` ba ya kama waɗanda suka ƙare da `.JPG` ko `.jpeg`.