Rabin daƙiƙar da jinin jarumi ke sauka

A gem ɗin faɗa, da zarar an kai wa jaruminka naushi, na'ura ta gama lissafinta: jininsa da ke 100 ya koma 40. Amma layin jinin da ke saman allo ba ya faɗawa 40 a tashi ɗaya, sulalewa yake yi a cikin kamar rabin daƙiƙa. Da a ce tsalle yake yi, ido ba zai kama girman ɓarnar ba, sai dai kawai ka ga layi ya gajarce.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A kamfanonin katun irin su Disney, babban mai zane kan zana farkon motsi da ƙarshensa, mataimakansa su cike hotunan tsakani. Yanzu manhaja ce ke wannan cikon, kuma a injin haɗa gem na Godot kayan aikin sunansa `Tween`. Kai dai ka ba shi mafari da maƙura da tsawon lokaci.

Mu ɗauki gem mai sauya hoto sau 60 a daƙiƙa. Rabin daƙiƙa hotuna 30 ke nan, ragin kuma 60 ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire 2 a kowane hoto. Lissafi ya fita, amma ido ba ya yarda da shi, domin layin zai tashi da gudu ɗaya, ya tafi da gudu ɗaya, ya tsaya cak. Ko ɗan acaɓa mai gaggawa sai ya taka birki kafin ya sauke fasinja.

Maganin shi ne a lanƙwasa lokacin. Ana auna tafiyar da lamba `t`, wadda ke tashi daga 0 a farko ta kai 1 a ƙarshe, sai a bi da ita ta wani ɗan lissafi kafin a yi aiki da ita. Robert Penner ne ya yaɗa irin waɗannan lissafe-lissafe a littafinsa na 2002 kan manhajar Flash, kuma har yau da sunayen da ya ba su ake kiransu. Wanda ya dace da layin jini shi ne `easeOutCubic`:

```
e = 1 - (1 - t)^3
jini = 100 + (40 - 100) * e
```

Bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, `t` ta kai 0.2, `e` kuma ta kusa 0.49, don haka layin ya riga ya sauko wajen 71. Da gudun bai-ɗaya ne, yana 88 tukuna. A tsakiyar lokacin yana 47.5, sauran ɗan abin da ya rage kuma a hankali yake ƙarasa shi. Wato zafin dukan a farko yake, lokacin da ɗan wasa ke buƙatar labari, lafawar kuma ta ba ido damar ganin inda aka tsaya. Sulallan da jarumi ke tsinta akasin haka suka fi so: su taso a hankali, su ƙara gudu har su shige jikinsa kamar an zuƙe su.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙirga hotuna maimakon lokaci. Wanda ya rubuta a cire kaza a kowane hoto, ranar da gem ɗinsa ya hau ƙaramar waya mai hoto 30 a daƙiƙa, saukar za ta ci daƙiƙa guda cur. Alamar a fili take: a wata waya motsin tsaf, a wata kuma yana jan ƙafa. Dole `t` ta fito daga ainihin lokacin da ya wuce.

Sai duka na biyu da ke sauka kafin na farko ya gama. Idan layi yana 60 aka sake naushin jarumin, sabon motsin daga 60 ɗin zai tashi, bayan an kashe tsohon. In aka bar su biyun suna ja-in-ja, layin zai riƙa karkarwa. Haka kuma ainihin jinin daban yake da wanda ake nunawa. Idan gem ya jira layi ya kai sifili kafin ya kayar da jarumi, mamaci zai samu rabin daƙiƙa yana kai duka.

Akwai wata lanƙwasa mai farin jini, `easeOutBack`, wadda ke zarce maƙura da kusan kashi 10 cikin 100 na tafiyar sannan ta dawo. A menu tana da kyau ƙwarai, akwatin ya faso, ya ɗan wuce wurinsa, ya zauna. A layin jini kuwa, a ganina, ƙarya take yi wa ɗan wasa. A misalinmu layin zai taɓa 34 kafin ya koma 40. Da kuma dukan daga 65 ya kai shi 5, zarcewar nan ta 6 za ta nuna layin wayam, ɗan wasa ya saki madannai alhali jaruminsa yana tsaye.