Alamomi biyu a Verilog da ke sa gwaji ya yi wa injiniya ƙarya

Da'irar lantarkin da ke cikin wayar hannu ko na'urar cirar kuɗi, kafin a ƙera ta a kan silikon, rubuta ta ake yi. Ɗaya daga cikin harsunan da ake wannan rubutu da su shi ne Verilog, wanda aka ƙirƙira a kamfanin Gateway Design Automation na Amurka tsakanin 1983 da 1984, Phil Moorby na cikin jagororin aikin. Daga baya Cadence ya sayi kamfanin, kuma a 1995 hukumar IEEE ta tsayar wa harshen ƙa'ida mai lamba 1364. Injiniya zai rubuta yadda yake son da'irarsa ta kasance, sai ya miƙa rubutun ga manhajoji iri biyu. Ta farko simuleta ce, wadda ke kwaikwayon aikin da'irar a kan kwamfuta don a ga ko ta yi daidai. Ta biyu manhajar sintesis ce, wadda ke mayar da rubutun ainihin ƙofofi da wayoyin da za a ɗora a kan FPGA ko a kai masana'anta. Amanar aikin gaba ɗaya ita ce waɗannan biyun su fahimci rubutun fahimta ɗaya. Wurin da suka fi saɓawa kuwa shi ne a kan alamomi biyu: `=` da `<=`.

Dukansu suna zuba ƙima ne a cikin wani suna. Ta farko, `=`, ita ake kira mai tsarewa, domin tana tsare layin da ke biye da ita har sai ta gama: ta lissafa abin da ke dama, ta zuba shi a hagu nan take, sannan a ci gaba. Ta biyu, `<=`, marar tsarewa ce. Tana lissafa abin da ke dama yanzu, ta riƙe amsar a gefe, ba za ta zuba ba sai duk sauran ayyukan wannan lokacin sun kammala.

Dalilin wannan jinkiri yana cikin yanayin da'irar kanta. Yawancin da'irori suna tafiya ne da bugun agogo. Idan agogon yana buga sau miliyan 50 a daƙiƙa, tsakanin bugu da bugu nanosakan 20 ne kacal. A kowane bugu, ƙananan ma'ajiyoyi da ake kira filif-fulof, kowace tana riƙe da 0 ko 1, suna ɗaukar abin da ke bakin ƙofarsu a lokaci guda, dubbansu, babu wadda ke jiran wata. Kamar leburorin gini ne da suka yi layi suna miƙa bulo: da an ce "haya", kowa ya miƙa wa na gaba bulon da ke hannunsa tun ɗazu, ya karɓi sabo daga na baya. Simuleta kuwa manhaja ce, abu ɗaya take yi sannan ta yi na biyu. An samar da `<=` ne don ta iya kwaikwayon abin da ke faruwa lokaci guda alhali tana binsa ɗaya bayan ɗaya.

Ga misali, ma'ajiyoyi uku a jere, saƙo ya shiga ta `d` ya fita ta `q3` bayan bugu uku:

```verilog
always @(posedge clk) begin
  q1 <= d;
  q2 <= q1;
  q3 <= q2;
end
```

A ce duka ukun suna riƙe da 0, kuma `d` ya zama 1 a bugun farko kaɗai, sannan ya koma 0. Da agogo ya buga, simuleta za ta karanta gefen dama na layukan uku da tsofaffin ƙimomi: 1, 0, 0. Sai ta zuba su. Bayan bugu na biyu za a ga 0, 1, 0. Bayan na uku 0, 0, 1. Saƙon ya taka mataki-mataki, yadda aka so.

Yanzu a canza alamun uku su koma `=`, ba a taɓa komai ba. Layin farko ya zuba 1 a `q1` nan take. Layi na biyu ya zo karanta `q1`, ya tarar da sabon 1 ɗin, ya zuba a `q2`. Na uku ma haka. Bugu ɗaya, an sami 1, 1, 1, bugu na biyu kuma duka sun koma 0. Jinkirin bugu uku ya zama na bugu ɗaya. Manhajar sintesis ma haka za ta karanta shi, kuma idan ba a amfani da `q1` da `q2` a wani wuri, filif-fulof guda za ta gina maimakon uku. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin irin wannan jerin ake sa wa saƙon da ya shigo daga waje, kamar na maɓallin da mutum ya danna, don ya daidaita da agogo kafin ya shiga cikin da'irar. Idan jerin ya rushe, kariyar ta tafi.

Duk da haka wannan kuskuren mai sauƙi ne, tunda simuleta da sintesis sun yarda da juna, kuma duk wanda ya dubi zanen sigina a allo zai ga `q1` da `q3` suna tashi tare. Wasu sukan gyara shi ta hanyar juya layukan, su fara da `q3 = q2` su ƙare da `q1 = d`. Yana aiki kam, amma ya rataya ne a kan tsarin layuka, kuma ranar da wani ya zo ya sake jera su don su yi kyan gani, shi ke nan.

Mugun yana fitowa ne idan aka raba aikin gida biyu:

```verilog
always @(posedge clk) q1 = d;
always @(posedge clk) q2 = q1;
```

Sassan `always` guda biyu ne, bugu ɗaya ke tayar da su. Wanne simuleta za ta fara gudanarwa? Ƙa'idar Verilog ba ta tsayar ba, ta bar wa simuleta ta zaɓi duk wanda ta ga dama. Idan ta fara da na sama, `q1` ya zama 1 nan take, na ƙasa ya kwashi sabon, `q2` ya zama 1 a bugun farko. Idan ta fara da na ƙasa, `q2` zai ɗauki tsohon 0, sai a bugu na biyu ya ga 1. Amsoshi biyu daban, kuma babu wadda ta karya doka. Wannan shi injiniyoyi ke kira tsere. Ita kuwa sintesis ba ruwanta da wa ya riga wa: ta ga ma'ajiyoyi biyu a jere, za ta gina biyu, da jinkirin bugu biyu.

Daga nan ne ake samun labaran da ke hana mutum barci. Rubutu ya ci gwaji a wata simuleta, an kai shi wata ya faɗi. Ko an canza jerin fayilolin da ake miƙa wa manhajar, ko an sabunta ta, sai sakamako ya sauya alhali ba a taɓa ko harafi ɗaya ba. Mafi muni, mai rubutun ya ga simuleta ta nuna jinkirin bugu ɗaya, ya gina sauran da'irar a kan wannan lissafi, sai a kan FPGA bayanai su riƙa isowa a makare da bugu guda. Idan aka sa `<=` a layukan biyu, tseren ya mutu. Simuleta tana raba kowane ɗan lokaci zuwa matakai: a matakin farko take gudanar da sassan da suka farka, ta zartar da duk `=`, ta lissafa gefen dama na duk `<=`. Sai wannan matakin ya ƙare ƙaf take zuba ƙimomin `<=`. Don haka ko da wanne ta fara, tsohon `q1` za a karanta.

Wanda ya ji wannan zai iya cewa to a bar `=` gaba ɗaya mana. Ba haka ba ne. Akwai sashen da'ira da ba shi da agogo, ƙofofi ne zalla da amsarsu ke bin abin da aka shigar kai tsaye. A nan `<=` ce ke kawo matsala:

```verilog
always @(a or b or c) begin
  tmp <= a & b;
  y   <= tmp | c;
end
```

A ce `a` 1 ne, `c` 0 ne, `b` kuma ya tashi daga 0 zuwa 1. Sashen ya farka. An lissafa sabon `tmp` a matsayin 1, amma an riƙe shi a gefe, don haka `y` ya yi lissafi da tsohon `tmp`, ya tsaya a 0. Bayan an zuba `tmp`, babu abin da zai sake tayar da sashen, tunda ba a sa sunansa cikin jerin abubuwan da ake saurare ba. `y` zai zauna a 0 har sai wani daga `a`, `b` ko `c` ya sake motsi. Ainihin ƙofofin da sintesis za ta gina kuwa 1 za su bayar. Da `=` aka yi amfani, `tmp` zai sabunta kafin layi na biyu ya karanta shi. Tun ƙa'idar 2001 ana iya rubuta `always @*`, wanda ke tattara jerin da kansa har da `tmp`, sai sashen ya sake zagayowa ya gyara amsar. Ya rufe ɓarakar, amma da ƙarin zagayen da ba a buƙata.

Shi ya sa dokar da Clifford Cummings ya yaɗa a wata takarda da ya gabatar a taron masu amfani da manhajojin Synopsys a San Jose a 2000 ta zauna daram: sashen da ke bin agogo a yi shi da `<=`, sashen ƙofofi zalla da `=`, kada a gauraya su a `always` ɗaya, kuma kada sassa biyu su riƙa zuba wa suna ɗaya ƙima. Ƙwararru sukan saki dokar su yi amfani da `=` don ɗan lissafin wucin gadi a cikin sashen agogo, muddin ba wani sashe ke karanta sunan ba. Halas ne a ƙa'ida, amma a ganina mai koyo ya bar wannan sai hannunsa ya faɗa.

Akwai kuma ruɗin da ba na da'irar ba ne, na mai dubawa ne. Mutum ya rubuta `q1 <= d;` ya bi shi da `$display` don ya ga abin da ya shiga, sai ya ga tsohuwar ƙima, ya ɗauka rubutunsa ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau: `$display` tana bugawa ne a matakin farko, kafin a zuba. `$strobe` ce ke jira har ƙarshen lokacin ta nuna abin da ya tabbata. Haka nan rubutun gwaji kansa yana iya haddasa tsere, idan ya canza `d` da `=` a daidai bugun da da'irar ke karanta shi. Maganin shi ne a tura shigarwar da `<=`, ko a canza ta nesa da bugun. Wasu sukan cusa `#0` don su tura wani layi baya kaɗan. Wannan ɗage rigimar kawai yake yi, domin da zarar sassa biyu sun sa `#0`, sun koma tsere a tsakaninsu.

Kama irin wannan kuskure ba ya buƙatar manhaja mai tsada. Verilator kyauta ce, kuma idan aka gudanar da ita haka, za ta yi gargaɗin `BLKSEQ` a inda aka sa `=` cikin sashen agogo, da `COMBDLY` a inda aka sa `<=` cikin sashen ƙofofi:

```
verilator --lint-only -Wall top.v
```

Wata dabarar ita ce a gwada rubutu ɗaya a simuleta biyu, misali Icarus Verilog da wata daban, ko a musanya wuraren sassan `always` a sake gwadawa. Rubutu mai lafiya amsarsa ba ta canzawa. Idan ta canza, a nemi sunan da wani sashe ke zuba wa ƙima da `=` wani kuma yake karantawa a bugu ɗaya. SystemVerilog, wanda ya haɗe da Verilog a ƙa'idar IEEE 1800 ta 2009, ya ƙara `always_ff` da `always_comb`, inda mai rubutu ke bayyana niyyarsa tun daga farko, manhaja kuma ta ƙi yarda wani sashe ya zuba ƙima a sunan da ɗayansu ke riƙe da shi. Sai dai ko a cikin `always_ff`, ba kowace manhaja ce za ta hana ka rubuta `=` ba, don haka binciken Verilator ɗin nan ana yinsa ne kafin a fara kowane gwaji.