Shaidu biyu da ba su haɗa baki ba: abin da gwajin Bell ya rushe da abin da ya bari

A shekarar 1964, wani masanin fiziks ɗan Belfast mai suna John Stewart Bell, ma'aikaci a cibiyar bincike ta CERN da ke Geneva, ya fitar da wata gajeriyar maƙala. Da ita ya ɗauko wata gardama da aka yi kusan shekara talatin ana yi da fatar baki, ya mayar da ita lissafin da za a iya gwadawa a ɗakin bincike. Gardamar ta samo asali ne daga Albert Einstein, kuma da aka yi gwajin, sakamakon bai goyi bayansa ba.

A 1935 Einstein da abokan aikinsa biyu, Boris Podolsky da Nathan Rosen, suka nuna wani abu da ya dame su a ka'idar kwantum, wato ka'idar da ke bayanin halayyar ƙananan halittu irin su ƙwayar zarra da ƙwayar haske. Ka'idar ta ce ana iya samar da ƙwayoyi biyu a sarƙe da juna, ta yadda ko an raba su da nisa mai yawa, duk abin da aka auna a jikin ɗaya zai yi daidai da abin da za a samu a jikin ɗayar. Amma ka'idar ba ta faɗin sakamakon kowacce kafin a auna, sai dai ta ba da yiwuwa. Einstein ya ga cewa ɗayan biyu ne: ko dai awon da aka yi a nan yana taɓa abin da ke can nan take, abin da ya ƙi yarda da shi tunda babu tasirin da ke wuce gudun haske, ko kuwa kowace ƙwaya ta baro gida da amsarta a shirye, ka'idar ce kawai ba ta san da ita ba. Ya zaɓi na biyu, kuma mai hankali ba zai ga laifinsa ba.

Bell ya tambayi abin da ba a tambaya ba: idan amsoshin a shirye suke, wane irin sawu za su bari a cikin alƙaluma?

Ana iya fahimtar lissafin da shaidu biyu da alƙali ya raba, kowa a ɗakinsa, ba sa jin juna. Akwai tambayoyi uku, kowacce amsarta i ko a'a. Kowane shaida tambaya ɗaya za a yi masa, da ƙuri'a za a zaɓe ta, kuma bai san wadda aka yi wa ɗan'uwansa ba. Aka kawo shaidu bibbiyu har dubbai, sai aka lura cewa duk lokacin da tambayar ta zo ɗaya ga su biyun, amsarsu ɗaya ce, ba a taɓa samun saɓani ba. Alƙali zai ce sun haɗa baki tun a waje, sun tsara amsar tambayoyin uku duka, tunda ba su san wadda za ta faɗo musu ba.

To, a duba lokutan da aka yi musu tambayoyi daban-daban. Amsoshi uku ne, kowacce i ko a'a, don haka dole aƙalla biyu daga ciki su zama iri ɗaya. A ce shirin da suka yi shi ne i ga ta farko, i ga ta biyu, a'a ga ta uku. Hanyoyin haɗa tambayoyi biyu mabambanta uku ne: ta farko da ta biyu, ta farko da ta uku, ta biyu da ta uku. A haɗin farko amsoshinsu sun dace, a sauran biyun sun saɓa, wato dacewa sau ɗaya cikin uku. Idan kuwa shirin nasu i ne ga duka ukun, ko a'a ga duka, kullum za su dace. Duk yadda suka juya shirin, dacewar ba za ta yi ƙasa da ɗaya cikin uku ba, kimanin 33 cikin 100. Wannan iyaka ita ce irin abin da ake kira rashin daidaiton Bell: wani adadi ba zai gaza kaza ba, muddin amsoshin a shirye suke kuma babu saƙo tsakanin ɗakunan.

Yanzu a sa ƙwayoyin haske biyu masu sarƙe a madadin shaidun. Tambayar ita ce matatar haske, irin gilashin da ke cikin wasu tabarau masu kashe ƙyalli, wadda ke barin ƙwaya ta wuce ko ta tare ta gwargwadon yadda aka karkata matatar. Tambayoyin uku su ne karkata ta a digiri 0, ko 60, ko 120. Idan matatun biyu suna kusurwa ɗaya, ƙwayoyin biyu tare suke wucewa ko tare ake tare su, kamar shaidun. Idan kusurwoyin sun bambanta, ka'idar kwantum ta ce za su dace sau ɗaya cikin huɗu kacal, 25 cikin 100. Tsakanin 25 da 33 babu yawa a ido, amma babu wani shiri da aka ƙulla a gaba da zai iya saukowa zuwa 25. Wannan shi ake nufi da karya rashin daidaiton Bell.

A ɗakin bincike an fi amfani da wani salon lissafin da John Clauser da Michael Horne da Abner Shimony da Richard Holt suka tsara a 1969. A can kowane ɓangare yana da kusurwa biyu, ana haɗa sakamakon ya ba da lamba ɗaya. Idan amsoshi a shirye suke, lambar ba za ta wuce 2 ba. Ka'idar kwantum ta ce tana iya kaiwa kimanin 2.83. Clauser da ɗalibi Stuart Freedman suka yi gwajin farko a Berkeley a 1972 da hasken da ƙwayoyin zarrar kalsiyam ke fitarwa, sakamakon ya bi ka'idar kwantum.

Sai dai masu shakka suna da hujja, kuma hujjarsu ce ta sa aikin ya ɗauki fiye da shekara arba'in. Kafa ta farko ita ce lokaci. Idan an saita matatun tun kafin ƙwayoyin su taso, wa ya san ko labarin saitin ya isa ɗaya ɓangaren ta wata hanyar da ba a sani ba? A 1982 Alain Aspect da abokan aikinsa a Orsay, kusa da Paris, suka riƙa sauya saitin ƙwayoyin na kan hanya: tazarar ɓangarorin kimanin mita 12 ce, haske na bukatar kusan kashi 40 cikin biliyan na daƙiƙa ya ratsa ta, su kuwa suna sauyawa duk bayan kashi 10. A 1998 ƙungiyar Anton Zeilinger a Innsbruck ta maimaita da tazarar mita 400, da zaɓin saiti na ƙuri'a. Kafa ta biyu ita ce na'urorin farko ba sa kama yawancin ƙwayoyin. Shaidun da aka ba damar yin shiru idan tambaya ba ta yi musu ba suna iya murɗa alƙaluman yadda suke so.

A 2015 aka toshe kafofin biyu a gwaji ɗaya. Ƙungiyar Ronald Hanson a Delft ta ƙasar Holan ta sarƙa ƙwayoyin lantarki biyu da ke cikin lu'ulu'u biyu masu tazarar kilomita 1.3, ta yi gwaji 245, ta samu 2.42. Adadin gwajin kaɗan ne, amma kafin shekarar ta ƙare wasu ƙungiyoyi a Vienna da Boulder ta Amurka sun samu sakamako mai ƙarfin gaske da ƙwayoyin haske. A 2022 aka ba Clauser da Aspect da Zeilinger kyautar Nobel. Bell ya rasu tun 1990.

Abin da ya faɗi takamaimai ne: haɗuwar zato uku. Na ɗaya, cewa abin da ke faruwa a kowane ɓangare ya dogara ne kawai da abin da ƙwayar ta zo da shi da abin da ke kusa da ita. Na biyu, cewa zaɓin saitin bai da alaƙa da halin da ƙwayoyin suka taso da shi. Na uku, wanda ba a cika ambata ba, cewa kowane awo sakamako ɗaya yake bayarwa. Gwajin ya ce ukun ba za su tsaya tare ba. Bai faɗi wanda za a jefar ba, kuma a nan ne ake yawan ɗora masa maganar da bai yi ba.

Ana cewa ya tabbatar da cewa ƙwayoyi ba su da wani ɓoyayyen hali kafin a auna su. Ba haka ba ne. Tun 1952 David Bohm ya gina ka'idar da kowace ƙwaya ke da tabbataccen wuri a kowane lokaci, kuma hasashenta ya yi daidai da waɗannan gwaje-gwaje. Farashin da ta biya shi ne ta yarda abin da ke nan yana shafar na nesa nan take. Bell kansa ya daraja aikin Bohm ƙwarai. Wasu masana sun gwammace su jefar da zato na uku, su ce duk sakamakon da zai yiwu yana faruwa a rassan duniya daban-daban. 'Yan kaɗan suna zargin na biyu, suna cewa wani dalili na can baya ne ya tsara ƙwayoyin da zaɓin saitin gaba ɗaya. Ba za a iya kashe wannan ra'ayi da gwaji ba, sai dai a tura shi nesa: a 2018, a tsibirin La Palma, an bar hasken wasu abubuwan samaniya masu nisan gaske da ya yi biliyoyin shekaru a hanya ya zaɓi saitin, iyakar ta sake karyewa.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne cewa an samu hanyar aika saƙo fiye da gudun haske. Mai awo a ɓangare ɗaya abin da yake gani kawai shi ne rabin ƙwayoyinsa sun wuce, rabi an tare, ba tsari ba ƙa'ida, kuma duk yadda abokinsa ya juya tasa matatar wannan rabi da rabi ba ya canzawa. Ba shi da ikon tilasta wa ƙwayarsa ta ba da amsar da yake so. Baƙuwar dacewar ba ta bayyana sai an kawo littattafan sakamakon biyu an jera, kuma kawo su sai ta waya ko wata hanyar da ba ta wuce haske ba. Haka nan gwajin bai ce komai ba game da tunanin ɗan Adam ko haɗuwar zukata daga nesa. Na'ura ce ke zaɓen saiti, na'ura ce ke rubuta sakamako, kuma sarƙewar tana lalacewa da zarar ƙwayar ta cuɗanya da abin da ke kewaye da ita, shi ya sa kiyaye ta ke da wuya haka.

Akwai amfanin da aka ciro daga ainihin abin da gwajin ya nuna. A 1991 Artur Ekert ya ba da shawarar mutum biyu su samar da mabuɗin sirri daga ƙwayoyi masu sarƙe, su ware wani kaso na sakamakon su yi gwajin Bell da shi. Mai leƙen asiri da ya tare ƙwayoyin a hanya ya auna su zai mayar da su masu shiryayyar amsa, sai lambar ta sauko zuwa 2 ko ƙasa, masu mabuɗin su gane an taɓa, su watsar da shi su sake wani.