Yadda 'Yan Kasuwa Za Su Bambanta Kambas Na Asali Da Na Jabu

A kasuwannin Balogun ta Ikko da babbar kasuwar Onitsha, ɗan kasuwar da ya sari katon na kambas ɗin jabu a kan farashin na asali ya yi asarar jarinsa, kuma ya zubar da amanar da ke tsakaninsa da masu sayen kayansa. Tambarin da ke jikin takalmin ba hujja ba ne, domin shi ne abin da masu jabu suka fi ƙwarewa wajen kwaikwayo.

Inda ya kamata a fara dubawa shi ne ƙyallen bayani da ke cikin takalmin. Kamfanin Nike yana buga lambar samfuri a wurin, kuma tilas ta zo daidai da wadda ke jikin kwali. Alal misali, farin Air Force 1 na maza yana ɗauke da CW2288-111, baƙinsa kuwa CW2288-001. Alƙaluma uku na ƙarshe launi suke nunawa. Saboda haka idan aka buɗe kwali aka ga baƙin takalmi mai 111, ciniki ya ƙare ke nan. Amma daidaituwar lambobin ba ta wanke kaya ba, tunda masu jabun da suka goge sukan kwafe su daidai.

Daga nan sai ɗinki. A na asali tazarar zare ɗaya ce, kuma ƙafar dama da ta hagu sukan yi kama, musamman a dunduniya. A jabu akan tarar da layi ya karkace, ko gam ya malalo inda sama ta haɗu da ƙasa. Ɗan ɗigon gam kaɗai dai bai isa a yanke hukunci ba, don yakan faru har a na asali. Ƙasan takalmin gudu kuwa, idan aka danna shi da babban yatsa, ya kamata ya lotsa ya dawo.

Ko na asalin ne, sai ya dace da ƙafar mai saye. Akan jiƙa tafin ƙafa a taka busasshen siminti. Idan sawun ya fito gaba ɗayansa, ƙafar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma akan ba mai ita takalmi mai tauri ta gefen ciki. Idan tsakiyar sawun ta zama siririya ƙwarai, akan ba shi mai taushi.

Sai dai wannan ƙa'ida tana da iyaka. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda ya bi sababbin masu gudu 927 a ƙasar Denmark tsawon shekara guda, ya gano cewa waɗanda ƙafarsu ke ɗan karkata ciki ba su fi saura samun rauni ba, alhali duk takalmi irin na gama-gari suka sa. Don haka ya fi kyau mai kanti ya bar mai saye ya gwada ƙafa biyun, ya ɗan taka, a tabbatar akwai sarari kamar faɗin babban yatsa a gaban yatsunsa.