Me Lambar 2700K Ko 6500K Take Nufi a Jikin Ƙwan Lantarki?

Idan ka ɗauki kwalin ƙwan lantarki a kasuwa, za ka ga wata lamba da harafin K a ƙarshenta, kamar 2700K ko 6500K. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarfin haske take nunawa. Ba haka ba ne, launin hasken take faɗa maka. Harafin K kuwa yana nufin kelbin, ma'aunin zafi da aka raɗa wa sunan masanin nan na Birtaniya, Lord Kelvin, wanda ya kawo shawararsa a 1848.

To, me ya haɗa zafi da launi? Leƙa maƙera ka gani. Idan maƙeri ya sa ƙarfe a wuta yana zuga, sai ya fara yin ja, sannan ruwan lemo, sannan rawaya, har ya doshi fari. Da ƙarfen zai jure bai narke ba, da sai farin ya koma shuɗi-shuɗi, domin duk abin da zafinsa ya ƙaru, kason shuɗin da ke cikin haskensa ma ƙaruwa yake yi. A kan wannan aka gina ma'aunin. Harshen kyandir yana wajen 1900K, zaren tsohon ƙwan nan mai ƙona hannu yana kai kusan 2700K, hasken rana tsaka kuma yana wajen 5500K.

Ke nan a kimiyyance shuɗi ya fi ja zafi. Amma ido ya saba ganin ja da rawaya a garwashi da fitilar aci-bal-bal, shi ya sa ake kiran hasken ƙaramar lamba mai ɗumi, na babbar lamba kuma mai sanyi.

Shi ƙwan LED na zamani ba ya yin wannan zafin ko kusa. Shuɗin haske yake fitarwa, sai a lulluɓe shi da wani sinadari da ke mayar da wani kaso nasa rawaya. Haɗin biyun ne ke ba da fari, lambar kuma kwatance ce kawai ta launin da ya fito.

A ce tela ya sayi ƙwai biyu, kowanne wat 9, lumen 800. Haskensu ɗaya ne a ƙarfi, tunda lumen ne ke auna shi. Amma a ƙarƙashin mai 2700K farar shadda za ta yi kamar ta sha jiki, baƙin zare da shuɗi mai duhu kuma su yi wuyar bambancewa. A ƙarƙashin mai 6500K shaddar za ta fito fat, sai dai ɗakin kwana da irinsa yakan zama kamar ɗakin asibiti.

Saboda haka, ka nemi 2700K zuwa 3000K don falo da ɗakin kwana, 4000K don kicin, 5000K zuwa sama don shagon ɗinki. Kada ka gauraya lambobi masu nisa a ɗaki guda, domin bango ɗaya zai fito kala biyu. Idan ƙwai ya mutu, duba lambar da ke jikinsa kafin ka jefar, ka sayo irinta.